Ƙofar Ruwa: Tan Nawa Ke Bayanta, Kuma a Ina Suke Danna Ta?

Duk wanda ya bi gefen kanal ɗin da ke kai ruwan Tiga gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ko ya zaga filin noman rani na Bakalori a wajen Talata Mafara, ya sha ganin ƙofar ruwa. Faranti ne na ƙarfe da ke zamewa sama da ƙasa a cikin kwarmi biyu da aka yi masa a jikin kankare. A kansa akwai doguwar sanda mai zare, sai sitiyarin da ma'aikaci ke murɗawa idan zai saki ruwa ko zai tsayar da shi. Idan ƙofar tana rufe, ruwan yakan kwanta a bayanta lumui, har kwaɗi na iyo a kai, mai wucewa ya ɗauka ba abin da ke faruwa. Alhali kuwa ƙofar da tsawonta bai wuce kafaɗar mutum ba tana iya kasancewa tana tokare da nauyin da ya haura tan biyu, dare da rana, ba hutu.

Tambaya biyu ce ke gaban duk wanda zai ƙera irin wannan ƙofa, ko zai gyara ta, ko zai sa hannu a biya kuɗin aikinta. Ta farko, da wane ƙarfi ruwan ke tura ta? Ta biyu, a daidai wane zurfi wannan turi yake taruwa? Mutane da yawa suna iya kintatar amsar ta farko. Ta biyun ce ake yawan tsallakewa, kuma a ganina nan ne asarar kuɗi da ƙarfe ta fi yawa. Duka biyun ana iya warware su da awo da biro da takarda, ba a bukatar na'ura.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Akwatin da tsawonsa mita ɗaya ne, faɗinsa mita ɗaya, tsayinsa ma mita ɗaya, yana cin lita dubu, wato tan guda. Ke nan idan ruwa ya kai zurfin mita ɗaya, kowace murabba'in mita ta ƙasan da yake kwance a kai tana ɗauke da tan ɗaya. Idan zurfin ya zama mita biyu, tana ɗauke da tan biyu. Wannan nauyi da ke kan kowace murabba'in mita shi ne matsin ruwa, kuma yana ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa da zurfi: a saman ruwa babu shi sam, a rabin mita rabin tan ne, a mita uku tan uku.

Inda ruwa ya bambanta da dutse ko katako shi ne, shi ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba. Da yake ba shi da siffar kansa, idan aka matse shi ta sama sai ya nemi hanya ta kowane ɓangare, ta gefe, ta ƙasa, har ta sama. Saboda haka matsin da ke zurfin mita ɗaya, da ƙarfin da yake danna ƙasa da shi yake danna bangon da ke tsaye a gefensa. Wanda ya taɓa ganin tankin ruwa ya huje a wuri biyu ya ga shaidar wannan: hujin da ke kusa da baki ɗiga yake yi, na gindi kuwa feshi yake yi da ƙarfi.

Akwai wani abu a nan da hankali ke ƙin karɓa da farko. Yawan ruwan da ke bayan ƙofa ba ya shiga lissafin ko kaɗan. Ƙofar da ke tare da ruwan ƙaramin kududdufi mai zurfin mita biyu, da wata mai girma iri ɗaya da aka kafa a bakin tafkin Tiga inda zurfin ya kai mita biyu, turi ɗaya suke sha. Dalili kuwa shi ne ruwan da ke can nesa nauyinsa yana kan ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ita ke ɗauke da shi. Abin da ya iso jikin ƙofa matsi ne kawai, shi kuwa matsi zurfi ne ke haifar da shi. Wani masanin lissafi kuma injiniya, Simon Stevin, wanda aka haifa a Bruges ya yi aikinsa a ƙasar Holan, ya rubuta wannan a littafinsa na 1586, har ya lissafa turin ruwa a kan bango mai tsaye. Ba abin mamaki ba ne a ce daga can ilimin ya fito, domin ƙasa ce da rayuwar mutanenta ta dogara ga ganuwar tare teku da ƙofofin ruwa. Girman tafki yana da nasa tasirin, amma ta wata fuskar: yana kawo igiyar ruwa idan iska ta taso, kuma idan ƙofa ta ɓalle shi ne ke nuna yawan ɓarnar da za ta biyo baya. Iskar da ke danna saman ruwa ma ba a sa ta a lissafi, tunda tana danna ɗaya fuskar ƙofar da ƙarfi iri ɗaya, sai su kashe juna.

To, mu ɗauki ƙofa guda mu yi aiki a kanta. Faɗinta mita 2, tana tsaye cak a cikin kanal, ruwa a bayanta ya kai zurfin mita 1.5, gabanta kuma a bushe yake. Fuskar da ruwa ya jiƙa ita ce 2 sau 1.5, wato murabba'in mita 3. Matsi a sama sifiri ne, a gindi tan 1.5 ne a kan kowace murabba'in mita. Tunda yana ƙaruwa a hankali ba tsalle, matsakaicinsa shi ne wanda ke tsakiyar ƙofar, a zurfin mita 0.75, wato tan 0.75. Sai a ninka wannan da faɗin fuskar: 0.75 sau 3 ya ba da tan 2.25, ko kilo 2,250. Idan aka auna da buhun siminti mai kilo 50, buhu 45 ke nan aka jingina wa farantin ƙarfe ɗaya.

A littattafan injiniyoyi haka ake rubuta abin da muka yi yanzu:

F = ρ × g × hc × A

F shi ne turin gaba ɗaya. Alamar ρ nauyin ruwa ce, kilo 1,000 a kowane akwatin mita ɗaya. Harafin g ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi ne, 9.81. Shi kuma hc zurfin tsakiyar ƙofar ne daga saman ruwa, A kuma faɗin fuskar da ruwa ya taɓa. Amsar takan fito a ma'aunin niyuton, kuma tamu ta zama kusan niyuton 22,070, wanda za a gani a takardar zane an rubuta 22.1 kN. Mai karatu da ba ya son wannan wahala sai ya tsaya a tan. In yana so ya kwatanta da abin da injiniya ya rubuta, ya ninka tan ɗinsa da 9.81.

Ga ƙofar da ruwa bai shanye kanta ba, akwai gajeriyar hanya: faɗi sau zurfi sau zurfi, a raba biyu. A lura zurfi sau biyu ya shigo, kuma nan ne haɗarin yake. Sau ɗaya ya shigo domin ruwa mai zurfi ya fi matsi, ya sake shigowa domin ya fi jiƙa wuri mai yawa. Idan zurfi ya ninka daga mita 1.5 zuwa mita 3, turin ba ya tsayawa a ninki biyu, yakan tashi daga tan 2.25 zuwa tan 9. Ko ƙaramin ƙari ma ba ƙarami ba ne. Akwai wata dabara da ake yi a tsakiyar rani idan ruwa ya ja baya: a ɗaura katako a saman ƙofa domin ruwan ya ɗan ƙara hawa ya shiga ƙaramin kanal na gefe. A ce an ƙara santimita 30 kacal, zurfi ya koma mita 1.8. Lissafi ya zama 2 sau 1.8 sau 1.8, a raba biyu, tan 3.24. Katakon da bai fi taƙi ɗaya da rabi ba ya ɗora wa ƙofar kusan tan guda, kuma yawancin wannan ƙari ba a kan katakon ya faɗa ba, a kan tsohon ƙarfen da ke ƙasa ya sauka.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda ta fi bukatar natsuwa. Mun yi amfani da tsakiyar ƙofa wajen gano yawan turin, kuma wannan kan sa mutum ya zaci a tsakiyar ne turin yake taruwa. Ba haka ba ne. Domin a ga dalili, mu ɗauka maimakon faranti ɗaya, an toshe kanal ɗin da katakai uku, ɗaya bisa ɗaya, kowanne tsayinsa rabin mita, tsawonsa mita 2. Fuskar kowanne murabba'in mita ɗaya ce cif. Tsakiyar na sama tana zurfin mita 0.25, don haka yana ɗauke da kilo 250. Tsakiyar na biyu tana mita 0.75, kilo 750. Na ƙasa kuwa tsakiyarsa tana mita 1.25, kilo 1,250. In aka haɗa, kilo 2,250 ɗinmu ne dai ya dawo. Amma dubi yadda aka raba shi. Katakon ƙasa shi kaɗai ya kwashi fiye da rabi, ya ninka na sama sau biyar.

Da za a ce a tare ƙofar nan da tokari guda ɗaya tak, a ina za a kafa shi ta tsaya ba tare da ta wuntsula ba? Idan aka sa shi a tsakiya, turin da ke ƙasa da shi ya fi na sama, sai gindin ƙofar ya fita gaba, kanta ya koma baya. Dole a sauko da tokarin har inda ɓangarorin biyu za su daidaita. Wannan wuri shi ne cibiyar matsi, kuma ana gano shi ta hanyar ninka nauyin kowane katako da zurfinsa, a haɗa, sannan a raba da jimlar nauyin. Na sama ya ba da 62.5, na tsakiya 562.5, na ƙasa 1,562.5. Jimla 2,187.5. A raba da 2,250, a sami mita 0.97. Idan aka sake lissafin da katakai shida sirara, amsar takan zama 0.99. Duk sa'ad da aka ƙara siranta su sai ta ƙara matsowa kusa da mita 1, kuma mita 1 ɗin ita ce amsa ta gaskiya. Wato kashi biyu cikin uku na zurfin daga sama, ko kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa. Wanda ya zana matsin a takarda zai ga alwatika ce mai tsini a saman ruwa da faɗi a gindi, kuma tsakiyar nauyin kowace alwatika tana sulusin tsayinta daga gindi.

Tsakanin tsakiyar ƙofa da cibiyar matsi, a wannan misali, santimita 25 ne kawai. Mutum zai ce wannan ai ba wani abu ba ne. Bari mu ga abin da yake haifarwa.

Faranti shi kaɗai ba ya iya jure tan biyu a faɗin mita biyu, lanƙwashewa zai yi. Shi ya sa ake walda masa ƙarafa masu kauri a kwance ta baya, su ne ke karɓar nauyin su miƙa shi ga kwarmin gefe. A ce mai walda zai sa guda biyu. Ido da tsarin aiki za su ce masa ya raba tsayin gida uku daidai, ya sa ɗaya a santimita 50 daga sama, ɗaya a santimita 100. Aikin zai yi kyan gani, wanda ya ba da kwangila ma zai yaba. Sai dai ƙarfe na biyun ya faɗa daidai kan cibiyar matsi. Idan aka yi lissafin daidaito a kan waɗannan ƙarafa biyu, za a ga na ƙasa ya ɗauke kilo 2,250 gaba ɗaya, na sama kuma bai ɗauki komai ba. An sayi ƙarfe biyu, ɗaya ke aiki. A ƙofa ta zahiri gefuna da dokin ƙasa suna ɗan rage masa, amma hoton bai sauya ba: na ƙasa yana shan kusan ninkin abin da aka yi masa tanadi, ga kuma rabin mita na faranti a ƙarƙashinsa, inda matsi ya fi tsanani, ba abin da ke tallafe da shi.

Gyaran ba ya cin ƙarin kuɗi. Ana neman zurfin da ya raba turin gida biyu daidai, kilo 1,125 sama, kilo 1,125 ƙasa. Wannan layi yana mita 1.06 daga saman ruwa, domin 1.06 sau 1.06 ya ba da kusan 1.125. Sai a sa kowane ƙarfe a cibiyar matsin nasa rabin. Na sama ya zauna a kashi biyu cikin uku na 1.06, wato santimita 71. Na ƙasa ya zauna a santimita 129. Ƙarafan dai su ne, waldar ita ce, wurin zamansu kawai aka sauya, amma yanzu kowanne ya ɗauki rabonsa. Wannan ne ya sa idan ka leƙa bayan ƙofar da aka zana da ilimi za ka ga ƙarafan suna nesa da juna a sama, suna ƙara matsuwa yayin da suke saukowa. Idan ka ga an jera su da tazara ɗaya tun daga sama har ƙasa, kuma kaurinsu ɗaya, akwai dalilin yin tambaya.

Haka lamarin yake ga ƙofar da ke riƙe da hinji ko sakata a sama da ƙasa. Na ƙasa yana shan kashi biyu cikin uku, kilo 1,500, na sama kilo 750. Sayo su iri ɗaya kuskure ne, sai fa in an zaɓe su duka a kan nauyin na ƙasa.

Ba kowace ƙofa ce ke leƙo saman ruwa ba. Wadda ke bakin bututun da ke fitar da ruwa daga dam tana nutse can ƙasa. Mu ɗauki ƙofarmu ɗin nan, mita 2 da mita 1.5, mu saukar da ita har kanta ya kasance mita 3 ƙarƙashin ruwa. Tsakiyarta yanzu tana zurfin mita 3.75. Fuskarta ba ta sauya ba, murabba'in mita 3 ce. Turin ya zama 3.75 sau 3, tan 11.25, ko 110.4 kN. Ninki biyar ke nan na abin da ta sha a kanal. Kuskuren da ɗalibai da ma wasu ma'aikata suka fi yi a nan shi ne su auna zurfi daga saman ƙofar. Daga saman ruwa ake aunawa, kullum.

Dokar sulusi ba ta aiki a nan, domin matsin bai fara daga sifiri ba. A saman ƙofar ya riga ya kai tan 3, a gindinta tan 4.5. Ga ƙofa mai kusurwa huɗu da ke tsaye, ƙa'idar da ke aiki a kowane zurfi ita ce:

hp = hc + d² / (12 × hc)

Anan hp zurfin cibiyar matsi ne, d kuma tsayin ƙofar. Tsayi sau tsayi, 1.5 sau 1.5, ya ba da 2.25. Sha biyu sau 3.75 ya ba da 45. A raba, a sami 0.05. Cibiyar matsi tana zurfin mita 3.80, santimita 5 kacal ƙasa da tsakiya. Mai son gwada ƙa'idar ya mayar da ita kan misalin farko: 2.25 a raba da 9 ya ba da 0.25, a haɗa da 0.75, mita 1 ta fito kamar dā. Abin da ƙa'idar ke faɗa a fili yake. Cibiyar matsi ba ta taɓa hawa sama da tsakiyar ƙofa, tana ƙasa da ita koyaushe, amma gwargwadon nutsewar ƙofa gwargwadon kusantar juna da suke yi. Don haka a ƙofa mai zurfi yawan turin ne abin tsoro, a ƙofar kanal kuwa wurin da ya taru ne ya fi yaudarar mutane.

Idan akwai ruwa a gaban ƙofar, shi ma yana turowa ta baya, sai a lissafa nasa daban a cire. A ce a ƙofar kanal ɗinmu ruwan gaba ya kai mita 0.6. Turinsa kilo 360 ne, yana taruwa a santimita 20 daga ƙasa. Abin da ya rage kilo 1,890, cibiyarsa kuma ta ɗan hau daga santimita 50 zuwa kusan 56 daga ƙasa. A lura ba a cire zurfi daga zurfi. Wanda ya ce 1.5 a cire 0.6 saura 0.9 ya yi lissafi da shi zai sami kilo 810, ƙasa da rabin gaskiya. Kuma ba a dogara da ruwan gaba wajen ƙera ƙofa, domin ranar da za a yashe kanal na gaba babu shi.

Laka kuwa ƙari take yi. Yashi da taɓon da ruwa ke kwasowa suna kwanciya a gindin ƙofar da ta daɗe a rufe, su ƙara nasu turin a kan na ruwa, a daidai inda ƙarfen ya fi wahala, kuma su riƙe danshi su ciyar da tsatsa. A wuraren da kachalla ta mamaye, kamar kwarin Haɗeja, ciyawar tana rage gudun ruwa, laka ta ƙara samun wurin zama.

Sanin turin yana amsa wata tambayar da masu kula da ƙofa ke yi: me ya sa take nauyin ɗagawa haka, alhali lokacin da kanal ya bushe yaro ma yana murɗa ta? Ruwa ya manne ta da jikin kwarmi, kafin ta motsa sai an rinjayi gogayyar ƙarfe da ƙarfe. Gogayyar wani kaso ce na turin, kuma ga ƙarfen da ba mai a jikinsa kason yakan kai wajen rabi, in tsatsa ta ci wurin ya wuce haka. Idan muka ɗauki rabi, ƙofar kanal tana bukatar ƙarfin da ya haura tan ɗaya kafin ta gusa, ban da nauyinta na kanta. Mai zurfin kuwa tana bukatar fiye da tan biyar da rabi. Shi ya sa ake sa wa manyan ƙofofi tayoyi a gefe, ko a fara buɗe wani ƙaramin bututu a cika gaban ƙofar da ruwa, matsin ɓangarorin biyu ya daidaita kafin a ɗaga. Wajen rufewa kuma gogayyar tana nan, sai dai yanzu sandar tura ƙofar take yi, doguwar sanda siririya kuwa ta fi jure ja a kan turi. Idan dutse ko kututture ya tokare ƙasa, mutum biyu ko uku suka zura bututu a sitiyari suka taru suka murɗa, sandar ce ke tanƙwarewa. Yawancin sandunan da ake gani a karkace a bakin kanal ta haka suka lalace.

A manyan madatsun ruwa injiniyoyi sun sami hanyar zagaye wannan matsala. Suna lanƙwasa fuskar ƙofar ta zama yankin da'ira, su haɗa ta da hannuwa zuwa wani ƙaton fil da ke tsakiyar da'irar. Ruwa yana danna kowane wuri ne kai tsaye a kan fuskarsa, a jikin da'ira kuwa duk waɗannan layuka a tsakiya suke haɗuwa. Sai ya zama turin gaba ɗaya ya bi ta fil ɗin, ba ya ƙoƙarin buɗe ƙofar ko rufe ta, injin ɗagawa kuma nauyin ƙarfen kawai yake fama da shi da ɗan gogayyar fil. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma ta tara komai a wuri ɗaya. Ranar 17 ga Yuli, 1995, ƙofa ta uku a dam ɗin Folsom da ke jihar Kalifoniya a Amurka ta karye ana cikin ɗaga ta. Bincike ya nuna tsatsa ta ci fil ɗin a tsawon shekaru, gogayya ta ƙaru, hannuwan ƙofar suka sha lanƙwasar da ba a yi musu tanadinta ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na ruwan tafkin ya zube kafin a toshe wurin, Allah Ya sa ba a rasa rai ba. Turin ruwan bai wuce abin da aka sani ba. Abin da ya biyo bayansa ne, gogayyar, ba a sa a lissafin zanen farko ba.

Ƙofa tana nuna alamar wahala tun kafin ta ba da kai, kuma lissafin nan yana gaya wa mai duba inda zai kai ido. Lokacin da aka tsayar da ruwa don gyara, a miƙa igiya daga gefe zuwa gefe a sulusin ƙasa, a ga ko farantin ya yi ciki. A duba waldar ƙarfen da ke ƙasa, musamman inda ya haɗu da gefe, ko ta fara tsagewa. A ƙwanƙwasa gindin da guduma, a kankare tsatsar a ga kaurin da ya rage. Yoyon da ke fitowa ta tsakiyar gindi, ba ta kusurwa ba, sau da yawa alama ce ƙofar ta lanƙwashe ta rabu da mazauninta. Sitiyarin da bara mutum ɗaya ke juyawa, bana sai biyu, yana cewa gogayya ta ƙaru, kuma maganinsa sharewa da giris ne tun kafin a kai ga ƙarin hannu.

Duk wannan lissafi na ruwan da ke tsaye ne. Da zarar an ɗaga ƙofa ruwa ya fara kurɗawa ta ƙasa, matsin da ke kusa da leɓenta yakan ragu, ƙofar na iya karkarwa, ruwan ma yana iya jan ta ƙasa. Wannan wani fage ne da ke bukatar injiniya. Haka ma zaɓen kaurin faranti da girman ƙarafan baya. Turi da cibiyarsa su ne matakin farko, daga nan ake ɗorawa, kuma ana ƙara rarar ƙarfi saboda tsatsa da igiyar ruwa da abin da ba a zata ba.

Ga shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da masu walda da ake kai wa irin wannan aiki, roƙona shi ne kada a yanka ƙarfe sai an je wurin da awo. A nemi alamar da ruwa ya bari a jikin kankare lokacin da ya fi cika, a watan Agusta ko Satumba, a auna daga nan zuwa ƙasa, kada a yi aiki da zurfin ranar da aka je. A rubuta faɗi sau zurfi sau zurfi, a raba biyu, a ja layi da alli a sulusin zurfin daga ƙasa. Duk wanda ya kawo zanen ƙofa, a tambaye shi tan nawa ya lissafa, da wane zurfi, kuma me ya tanada a wajen wannan layi. In bai iya amsawa ba, a dakata da biyan kuɗin.